An sauya salo, alƙaluma sun motsa: yadda ake haɗa jin ra'ayin masu kallo da ƙididdiga don gano dalili

Duk mai tashar bidiyo da ya sauya salon aikinsa, ya kuma ga alƙaluma sun motsa, yakan yi saurin ɗora alhakin motsin a kan sauyin, domin shi ne abin da ya fi tsaya masa a rai a lokacin. Matsalar ita ce shafin ƙididdiga yana nuna abin da masu kallo suka yi da kuma daƙiƙar da suka yi shi, amma ba ya faɗin abin da ya sa. Su kuwa masu kallon, idan aka tambaye su, sukan faɗi dalili, sai dai ba kowa ke amsawa ba, kuma abin da mutum ya ce yana yi ba kullum yake daidai da abin da yake yi ba. Amfanin haɗa hanyoyin biyu yana fitowa ne idan aka bi su a jere: a fara da alƙaluma don a gano su wane ne suka sauya hali da kuma a ina, sannan a tsara tambayoyi kaɗan da za su raba gardama tsakanin dalilan da ake zato, daga ƙarshe a koma ga alƙaluman don a gwada amsar da aka samu.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an tsara su don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ɗauka akwai wata tashar koyar da girki da Hausa a YouTube, wadda mai ita ta saba buɗe kowane bidiyo da sallama da gaisuwa, tana tsaye a gaban kyamara, tana ambaton kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya tare da ma'auninsu. Sai ta koma wani salo: ta cire doguwar gaisuwar, kyamara ta koma kan tukunya da hannuwa kawai, an ɗora murya daga baya, an sa kiɗa a ƙarƙashi, ma'aunin kayan haɗi kuma ya koma rubutu da ke fitowa a kan allo na 'yan daƙiƙu. Ta kuma sauya hoton fuskar bidiyo, wato hoton da ake gani kafin a buɗe shi, daga hotonta zuwa hoton abincin a kusa. Tsawon bidiyo bai sauya ba, yana nan wajen minti goma. Bayan wata biyu sai ta ga yawan kallo ya haura, amma kason bidiyon da ake kalla kafin a fita ya faɗi sosai. A ƙarƙashin bidiyoyin kuma, waɗanda suka fi ɗaga murya suna cewa sun yi kewar fuskarta da gaisuwarta.

Kafin a yi wa kowa tambaya, sai an tabbatar cewa kwatancen da ake yi tsakanin da da yanzu na adalci ne. Ba a kwatanta tsohon bidiyon da ya shekara yana tara kallo da sabon da bai cika mako uku ba. Abin da ya dace shi ne a ɗauki bidiyo takwas na ƙarshe a tsohon salo da takwas na farko a sabon, a duba kowanne a cikin kwanakinsa 14 na farko, sannan a yi amfani da adadin da ke tsakiya idan an jera su daga ƙarami zuwa babba, maimakon matsakaicin da ake samu ta hanyar tarawa da rabawa, domin bidiyo guda da ya yi tashe yana iya jan matsakaici sama har ya ɓoye halin sauran bakwai ɗin. Haka nan sai a duba ko wani abu na waje ya faɗo a daidai lokacin. Tashar girki da ta sauya salo dab da azumi za ta iya ganin kallo ya ƙaru ko da ba ta sauya komai ba, saboda lokaci ne da ake neman sababbin dabarun buɗe-baki da sahur. Wanda ya yi sauyinsa a farkon 2025 a Nijeriya, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50 cikin 100, dole ya sa tsadar data a cikin lissafinsa. Wani lokacin ma ma'aunin ne da kansa ake sauyawa: daga 31 ga Maris 2025 YouTube ya koma ƙirga kallon Shorts, wato gajerun bidiyonsa, da zarar bidiyo ya fara, don haka duk wanda ya kwatanta watannin da ke kafin wannan rana da na bayanta ba tare da ya san haka ba, zai yaba wa salonsa a kan abin da ba shi ya yi ba.

A ɗauka an tace waɗannan duka, motsin yana nan. A tsohon salo, bidiyo na samun kallo 10,000, kuma ma'aunin da YouTube Studio, shafin masu tasha, ke kira Average percentage viewed, wato matsakaicin kason bidiyon da ake kalla, yana kan kashi 44 cikin 100. A sabon salo kallo ya kai 16,000, amma ma'aunin ya sauko zuwa kashi 36.6. Wanda ya tsaya a nan zai yanke hukuncin cewa sabon salon ba ya riƙe mutane, ya kuma fara tunanin komawa tsohon. Wannan hukunci ya yi gaggawa, domin adadi guda ne aka matse mutane iri biyu a cikinsa.

Idan aka raba masu kallon gida biyu, waɗanda suka saba da tashar da waɗanda yanzu suka fara ganinta, sai hoton ya sauya. A da, kallo 7,000 na tsofaffin masu kallo ne, kuma suna kallon kashi 50 na bidiyon, sauran 3,000 kuma na baƙi ne da ke kallon kashi 30. Yanzu na tsofaffi ya koma 6,000 da kashi 46, na baƙi kuma ya tashi zuwa 10,000 da kashi 31. Baƙo galibi ya fi saurin fita, domin bai san mai tashar ba kuma ba shi da dalilin haƙuri da ita, saboda haka da zarar baƙi sun rinjayi 'yan gida, matsakaicin zai faɗi ko da babu wanda ya sauya halinsa. Ana iya auna girman wannan tasiri da lissafi mai sauƙi, wato a ɗauki sabon rabon masu kallo a haɗa shi da tsofaffin kasonsu:

```
(6000 × 50 + 10000 × 30) ÷ 16000 = 37.5
```

Wannan na nufin cewa daga faɗuwar maki 7.4 da aka gani, maki 6.5 sun fito ne daga sauyin rabon masu kallo kawai, galibi saboda shigowar baƙi, wanda kuma labari ne mai daɗi. Sashen Traffic source, wanda ke nuna ta inda masu kallo suka zo, zai ƙarfafa wannan idan ya nuna cewa ƙarin ya fito daga Browse features da Suggested videos, wato wuraren da YouTube da kansa ke nuna wa mutane bidiyon, har da waɗanda ba su taɓa ganin tashar ba. A irin wannan hali ma Impressions click-through rate, wato kason waɗanda suka danna bayan an nuna musu hoton bidiyon, yakan ɗan sauka yayin da Impressions, wato yawan nuna hoton, ke ƙaruwa, kuma wannan ba alamar lalacewar hoton fuskar bidiyo ba ce, alama ce ta cewa an kai shi gaban mutanen da ba su san tashar ba. To amma a cikin wannan rabe-raben akwai abin damuwa na gaske wanda babban adadin ya lulluɓe: kallon 'yan gida ya ragu da 1,000, waɗanda suka rage kuma sun fara fita da wuri fiye da da. Wannan ne abin da ya cancanci bincike, kuma shi kaɗai ne za a yi tambaya a kansa.

Mataki na gaba shi ne zanen da ke nuna yadda masu kallo ke raguwa daƙiƙa bayan daƙiƙa, wanda ke ƙarƙashin Key moments for audience retention a shafin kowane bidiyo. A ɗauka zanen ya nuna cewa a daƙiƙa 30 na farko sabon salon ya fi tsohon riƙe mutane, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda an cire gaisuwar. Amma a wajen minti na biyu, daidai inda ake jera kayan haɗi, sai a ga layin ya yi ɗan tudu, alamar ana mayar da bidiyo baya ana sake kallo, sannan ya gangara ƙasa da ƙarfi, kuma haka abin yake a bidiyo shida cikin takwas. Maimaituwar ce ke da nauyi, domin faɗuwa a bidiyo guda tana iya zama laifin girkin ranar. A nan ƙarfin alƙaluma ya ƙare. Tudun yana iya nufin wurin ya burge mutane, yana kuma iya nufin ba su gane ba ne suka koma. Faɗuwar da ta biyo baya kuma tana iya zama saboda rubutun ya wuce da sauri, ko kiɗan ya danne murya, ko rashin ganin fuskar mai girkin ya fara gundurar su, ko kuwa sun ɗauki hoton jerin kayan ne suka fita saboda sun sami abin da suka zo nema. Duk waɗannan dalilai huɗu za su bar zane iri ɗaya a kan allo.

Sai yanzu ne lokacin tambaya ya yi, kuma saboda an riga an san abin da ake nema, tambaya huɗu sun isa. Ta farko, wadda mutane suka fi mantawa da ita alhali ita ce ke ɗaure amsoshin da alƙaluman, ita ce tun yaushe mutum ya fara kallon tashar: kafin sauyin ko bayansa. Idan babu ita, amsar baƙo da ta ɗan gida za su cakuɗe, a sake faɗawa cikin ramin da aka fito daga ciki. Ta biyu ta shafi yadda ake kallo: a zaune da waya a hannu, ko a lokacin da ake girki wayar na ajiye a gefe. Ta uku ita ce ainihin tambayar, kuma ya kamata a ɗaure ta da bidiyo takamaimai: a bidiyon da kika kalla na ƙarshe, wane abu ne ya fi ba ki wahala? Zaɓin su ne dalilan da zanen ya haifar, tare da zaɓin cewa babu abin da ya dame ni, wanda dole ne a sa shi, in ba haka ba an tilasta wa wanda ya gamsu ya ƙirƙiro ƙorafi. Ta huɗu fili ne da mutum zai rubuta abin da ya ga dama a jimla ɗaya ko biyu.

Yadda aka tsara kalmomin tambaya yana iya ɓata aikin gaba ɗaya. Idan aka ce, kuna son sabon salonmu mai kyau ko mu koma tsohon, an riga an nuna wa mai amsa inda ake so ya dosa, kuma mai kallon da ke jin kunyar mai tashar, ko yake ƙaunarta, zai faɗi abin da zai faranta mata. Haka nan tambayar da ta haɗa abu biyu, kamar ko kiɗa da saurin bidiyon sun dame ku, ba ta da amsar da za a iya aiki da ita, domin wanda ya ce e ba a san wanne yake nufi ba. Tambayar abin da mutum zai yi nan gaba ma ba ta da ƙarfi, saboda kusan kowa zai ce zai ci gaba da kallo. Abin da mutum ya fi iya faɗa daidai shi ne abin da ya same shi jiya a bidiyon da yake iya tunawa.

Wurin da aka ajiye tambayoyin ma yana tantance waɗanda za su amsa. Ƙuri'ar da ake sakawa a sashen Posts na tashar tana da sauƙi, taɓawa ɗaya ce, amma tambaya guda take ɗauka, kuma ba za a iya haɗa amsar mutum da daɗewarsa a tashar ba. Fom irin na Google Forms yana ba da damar haɗa amsoshi huɗun na mutum guda, sai dai yana buƙatar a fita daga bidiyo a buɗe wani shafi, abin da ke rage masu amsawa. Babbar illar duka biyun ita ce wanda ya daina kallo ba zai ga tambayar ba, alhali shi ne aka fi son jin ta bakinsa. Idan aka ambaci fom ɗin a ƙarshen bidiyo kawai, waɗanda suka kai ƙarshe ne za su ji, wato waɗanda salon bai kora ba. Saboda haka gara a ambace shi a cikin minti na farko, a sa mahaɗarsa a bayanin bidiyo, sannan a aika shi ta hanyoyin da tsofaffin mabiya ke nan ko da sun daina zuwa tashar, kamar zauren WhatsApp ko shafin Facebook na mai girkin. A bar shi a buɗe na mako guda ko kwana goma, kada a nemi suna ko lambar waya, kuma kada a sa kyauta mai tsoka, domin kyauta na jawo masu cika fom da ba su taɓa kallon tashar ba.

A ɗauka mutum 240 suka amsa, 180 daga cikinsu 'yan gida ne, 60 baƙi. A cikin 'yan gidan, 81 sun ce ma'aunin kayan haɗi ne ke wucewa ba su kama ba, 40 sun ce kiɗa, 27 sun ce rashin ganin fuska da jin gaisuwa, 32 kuma sun ce babu abin da ya dame su. Wato kashi 45, da 22, da 15, da 18. Kafin a ɗora komai a kan waɗannan kaso, ya kamata a san iyakar daidaitonsu. Akwai ƙiyasi mai sauƙi da masu ƙididdiga ke amfani da shi wajen sanin tazarar kuskure, inda n yake nufin yawan waɗanda suka amsa:

```
100 ÷ √n
```

Ga mutum 100 tazarar maki 10 ce sama ko ƙasa, ga 400 maki 5, ga 180 ɗinmu kuma kusan 7.5. Saboda haka ratar da ke tsakanin 45 da 22 tana da faɗin da za a dogara da ita, amma ba za a iya cewa kiɗa ya fi rashin fuska damun mutane ba, domin 22 da 15 sun yi kusa da juna. Baƙi 60 kuwa sun yi kaɗan, a karanta abin da suka rubuta don ƙarin haske kawai. Kuma wannan ƙiyasin yana aiki ne a kan samfurin da aka zaɓo ba tare da son rai ba, alhali a nan mutane ne suka zaɓi kansu, don haka ainihin kuskuren zai iya fin haka. Shi ya sa ba daidai ba ne mai tashar ta ce kashi 45 na masu kallonta ba sa kama ma'auni. Abin da za ta iya cewa shi ne, a cikin waɗanda suka amsa, wannan ƙorafi ya yi wa sauran fintinkau.

Abin da ke ba amsar ƙarfi shi ne yadda ta dace da zanen. Ƙorafin da ya fi yawa yana magana ne a kan daidai wurin da layin ya yi tudu ya kuma faɗi, kuma idan aka haɗa tambaya ta biyu da ta uku aka ga cewa mafi yawan masu wannan ƙorafi su ne waɗanda suka ce suna kallo a lokacin girki, to an sami bayanin da ke da kai da gindi. Matar da hannunta ke cikin ƙullu, wayarta jingine da bango, da kunne take bin girkin. A da tana jin an ce gwangwani biyu na fulawa da cokali ɗaya na yis, ta auna ba tare da ta ɗaga kai ba. Yanzu sai ta wanke hannu, ta ja bidiyo baya, ta karanta kafin rubutun ya ɓace, kuma idan karatun boko bai zauna mata sosai ba, 'yan daƙiƙun nan ba za su ishe ta ba. Wannan shi ne tudun, gajiyar da ta biyo baya kuma ita ce faɗuwar. Babu wani shafi a Studio da zai nuna hannun da ke cikin ƙullu, kuma da an fara da tambaya ba tare da duba zanen ba, da wuya a yi tunanin sa ma'aunin kayan haɗi a cikin zaɓin.

Batun fuska da gaisuwa, wanda ya fi cika bakin masu tsokaci, yana buƙatar a yi masa adalci. Zanen ya nuna cewa cire gaisuwar ya ƙara riƙe mutane a daƙiƙun farko, kuma ƙorafin bai fi kashi 15 ba a cikin amsoshin, don haka ba shi ne ke korar mutane daga tsakiyar bidiyo ba. Amma a ganina bai kamata a watsar da shi ba, domin akwai raguwar kallo 1,000 na 'yan gida da zanen ba zai iya bayyanawa ba, tunda waɗannan ba su ma buɗe bidiyon ba. Mai yiwuwa ne sun saba gane tashar da fuskar mai ita, yanzu kuma hoton tuwo ko alkaki ya saje da na sauran tashoshin girki, suna wucewa ba su san nata ba ne. Wannan zato ne da za a iya gwadawa da Test & Compare, wanda ke ba da damar gwada hoton fuskar bidiyo har guda uku a kan bidiyo ɗaya, ya kuma fitar da wanda ya fi ta fuskar lokacin kallon da kowanne ya jawo. Idan alƙaluma da amsoshi suka saɓa wa juna irin haka, sau da yawa ba ɗayansu ne ya yi ƙarya ba, kowanne yana magana ne a kan wani rukuni na mutane ko wani mataki na kallon.

Har zuwa nan abin da ke hannu bayani ne mai ƙarfi, bai zama tabbaci ba, domin an sauya abubuwa shida a lokaci guda. Hanyar tabbatarwa ita ce a mayar da abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. A bidiyo huɗu masu zuwa, mai girkin ta riƙa faɗin ma'auni da baki yayin da rubutun ke kan allo, ta kuma bar rubutun ya daɗe, amma kada ta taɓa kiɗa, ko buɗewar bidiyo, ko hotonsa. Ta rubuta hasashenta tun kafin ta ga sakamako, don kada daga baya ta fassara duk abin da ya fito yadda zai dace da ra'ayinta: tudun minti na biyu zai kwanta, faɗuwar da ke bayansa za ta ragu, kason kallon 'yan gida zai tashi daga 46 ya doshi 50, na baƙi kuma ba zai motsa sosai ba. Ta jira kowane bidiyo ya cika kwanakinsa 14 kamar yadda aka auna na baya, domin alƙaluman kwana biyun farko na mafi kusancin mabiya ne, kuma zanen kansa yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya fito. Idan hasashen ya tabbata a uku daga cikin huɗun, an gano dalilin. Idan tudun ya kwanta amma 'yan gida suka ci gaba da fita a wuri ɗaya, to rubutun wani ɓangare ne kawai na matsalar, sai a koma kan kiɗa, wanda shi ne na biyu a amsoshin, a rage ƙararsa a bidiyo huɗu na gaba a sake aunawa.